Bayan arba'in: maganar da miji da mata suke jin kunyar yi wa juna



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicce mu maza da mata, ya sanya aure ya zama sutura da natsuwa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa maza da mata, darasinmu na yau yana da nauyi a baki, kuma na daɗe ina jinkirta shi. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne, a cikin shekarun da na yi ina zama a zaure ina sasanta ma'aurata, na lura cewa rigingimu da yawa suna zuwa mini da sunan kuɗin cefane, ko rashin gaisuwa, ko tuwo da bai nuna ba, amma idan aka bi su a hankali sai a tarar asalinsu a shimfiɗa yake. Miji da mata suna iya haihuwar ƴaƴa biyar tare, amma ɗayansu bai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa "wannan yana cutar da ni" ko "ina da buƙatarki" ba. Ra'ayina, wanda zan kafa masa hujja, shi ne wannan shirun ba ya cikin kunyar da addini ya yaba, kuma yana rushe gidaje. Maganar tana da faɗi, don haka zan tsaya a kan lokaci guda da na ga an fi samun matsala a cikinsa, wato watannin da suke biyo bayan haihuwa. Wannan darasi na ma'aurata ne, a kiyaye shi daga hannun yara.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Na ɓoye duk abin da zai sa a gane mutanen, kuma da yardarsu nake ba da labarin. Wani dattijo ya same ni bayan sallar la'asar, ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ƴata ta yi yaji, yau kwana tara, an zo biko sau biyu ta ƙi komawa, kuma ta ƙi faɗin dalili." Yarinyar haihuwarta ta fari ke nan, jaririn yana da wata huɗu. Mijinta tela ne, yaro mai sallah, ba a san shi da duka ko zagi ba. Da na kira shi, sai ya ce tun da ta dawo daga wankan jego ta canza, ba ta ganin girmansa. Da na sa aka tambaye ta, sai ta ce ya rage kuɗin cefane daga jikka biyu zuwa jikka ɗaya, kuma ya daina cin abincinta. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma na san wannan reshe ne. Ban ga ya dace ni namiji in tsare yarinya da irin tambayar da nake zato ba, don haka na roƙi uwargidana ta zauna da ita su biyu. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Ni kuma na ja yaron gefe bayan isha'i, lokacin da masallaci ya watse.

Ga abin da ya fito. Wajen haihuwa ta ƙaru, an yi mata ɗinki. Ta yi arba'in a gidan iyayenta, aka maido ta da gara kamar yadda aka saba. Daren farko da mijinta ya kusance ta, ta ji zafi mai tsanani, ta cije ta yi shiru. Dare na biyu haka, na uku haka. Daga nan ta fara neman mafaka: ta riga shi kwanciya, ta sa jariri a tsakani, ta ce kanta yana ciwo. Kuma akwai tsoro na biyu a zuciyarta, domin kakarta ta gargaɗe ta cewa idan miji ya kusance ta tana goyo nono zai ɓaci, ko ta yi rurrutsa mutane su yi mata dariya. Shi kuwa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya gani kawai shi ne matarsa tana gudunsa, sai Shaiɗan ya raya masa cewa ta daina son sa, ko an zuga ta a gida. Bai tambaye ta ba. Sai ya nemo wani wa'azi a wayarsa a kan matar da mala'iku suke tsine wa, ya ƙure murya, ya ajiye wayar a tsakar ɗaki. Ta kwana tana kuka, tana ganin ta halaka. Don ta gyara, sai ta sayi wani haɗi na kayan mata wanda ake matsawa, abin ya ƙara mata ƙuna da ƙaiƙayi. Shi kuma ya rage cefane don ta gane yana fushi. Ƙarshenta ta ɗauki ɗanta ta tafi. Wajen wata uku suna ɗaki ɗaya, kowa yana shan wahala, kuma jimla biyu da sun wadatar tun daren farko.

Da na tambayi yaron me ya hana shi tambayarta, sai ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, da wane baki?" Ita ma abin da ta faɗa wa uwargidana ke nan, wai kada ya ɗauke ta marar kunya. To, a nan ne nake so mu tsaya mu auna wannan kunya da ma'aunin shari'a.

Kunya reshe ce ta imani, babu mai jayayya a kan haka. Mu Hausawa kuma an gina mu a kanta: mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki yana kauce wa surukinsa a hanya. Wannan ado ne, kada mu yar da shi. Amma kunyar da aka yaba ita ce wadda take hana mutum aikata abin ƙi. Wadda take hana shi sanin hukuncin Allah, ko take sa ya bar cuta ta ci gaba a gidansa, malamai sun kira ta rauni da gazawa. Ku duba matan sahabbai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Sulaim ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta tambaye shi ko wanka yana wajaba a kan mace idan ta yi mafarki. Uwar muminai Ummu Salama tana wurin, har ta rufe fuskarta don nauyin tambayar, amma Annabi bai tsawata wa mai tambaya ba, ya ba ta amsa a sarari. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Idan mace ta iya kai irin wannan tambaya gaban mafi girman halitta, ta yaya za a ce rashin kunya ne ta faɗa wa mijinta, a cikin ɗakinta, cewa tana jin ciwo? A cikin Suratul Baƙara, aya ta 187, Allah ya kamanta miji da mata da tufafin juna. Babu abin da ya fi tufa kusa da jiki, kuma babu abin da jiki yake ɓoye wa tufarsa. Hausawa ma sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga hukuncin da jama'a da yawa suke kuskurewa. Mun ɗauki arba'in kamar wata ƙofa: kafin ta haramun, bayan ta dole. A mazhabarmu ta Imam Malik ba haka abin yake ba. Jinin biƙi ba shi da mafi ƙarancin kwanaki. Duk ranar da ya ɗauke, mace ta yi wanka ta koma sallah, ko da kwana ashirin ne. Mafi yawansa kuma kwana 60 ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko da yake wasu mazhabobi sun tsaya a kwana 40. Don haka wata takan tsarkaka kafin arba'in, wata kuma arba'in ta wuce tana cikin jini, kuma kusantarta a wannan hali haramun ne. Lissafin jini ake bi, ba lissafin ranar da aka kawo gara ba.

Amma ga inda nake so ku buɗe kunnuwa. Tsarki daban, warkewa daban. Ɗaukewar jini tana nufin haramcin ya gushe. Ba ta nufin jiki ya koma yadda yake. Ma'aikatan lafiya suna shawartar a jira kamar mako shida bayan haihuwa, kuma a duba mai jego a lokacin. Wadda aka yi wa ɗinki, ko aka yi mata aiki aka ciro ɗa, tana iya buƙatar fiye da haka. Sannan shayarwa kanta tana rage wani sinadari a jikin mace wanda yake kawo danshi da sha'awa, don haka mai goyo takan sami bushewa, kusanta ta zame mata zafi, ko da tana son mijinta kamar ranta. A haɗa wannan da rashin barci, da jariri mai tashi sau huɗu a dare, da daka da ɗiban ruwa da rana. Wanda bai san wannan ba zai fassara gajiya da ƙiyayya, ya fassara ciwo da raini. Rashin sani ya fi dare duhu.

To hadisin tsinuwar mala'iku fa? Hadisi ne ingantacce, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Abu Huraira, kuma ba zan rage masa ko harafi ba. Macen da mijinta ya neme ta, tana lafiya, ba ta da uzuri, ta ƙi don taurin kai ko don ta mai da shimfiɗa abin ciniki, ta shiga haɗari babba, ta ji tsoron Allah. Amma malaman da suka yi sharhinsa, irin su Imam Nawawi, sun bayyana cewa yana magana ne a kan wadda ta ƙi ba tare da uzurin shari'a ba. Ciwo uzuri ne. Ubangijin da ya sauƙaƙa wa marar lafiya azumin Ramadan, ya yarda ya yi sallar farilla a zaune, ba zai sa mala'ikunsa su tsine wa yarinyar da ɗinkinta bai warke ba. Kuma ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, kowane almajiri ya san ta. Allah ya umurci maza a Suratun Nisa'i, aya ta 19, da su zauna da matansu da alheri. Wanda ya ga matarsa tana cije leɓe tana hawaye, ya ci gaba da biyan buƙatarsa, ya tambayi kansa ko wannan ne alherin da aka umurce shi da shi. Ya kai ɗan'uwana, hadisi amana ne a hannunka. Kafin ka karanta wa matarka shi, wajibi ne ka fara sanin ko tana da uzuri, kuma ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Maganar ɓacin nono kuwa, ita ma Sunna ta warware ta. A Muwaɗɗa da Sahihu Muslim an ruwaito daga Judama ƴar Wahbu cewa Annabi ya yi niyyar hana kusantar mai shayarwa, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi, abin bai cutar da ƴaƴansu ba, sai ya bari. Saboda haka kusanta ba ta ɓata nono. Amma tsoron ɗaukar ciki a kan ƙaramin goyo tsoro ne na gaskiya, kada a yi masa dariya. Hukumar lafiya ta duniya tana shawartar a bar aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, don lafiyar uwa da ɗa. Kuma shayarwa ba ta zama kariyar da za a dogara da ita sai da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. Idan ɗaya ya faɗi, ciki yana iya shiga. Sahabbai sun kasance suna yin azalu a zamanin Annabi, kuma Imam Malik ya ce ba a yin sa ga mace ƴa sai da izininta. Ku lura da wannan sharaɗi. Ta yaya miji zai sami izinin matarsa idan ba su yi magana ba? Ashe fiƙihunmu tun asali ya ɗauka cewa ma'aurata suna shawara a kan shimfiɗarsu, kuma mace tana da ta cewa. Tazarar haihuwa ta ɗan lokaci, da yardar su biyu, don lafiya, malamai da yawa sun halatta ta bisa ƙiyasi da azalu.

To yaya ake yin maganar? Zan faɗa muku abin da na koya wa wancan yaro, kuma na ga amfaninsa ga wasu.

Abu na farko shi ne lokaci. Mafi munin lokaci shi ne daidai sa'ad da ɗaya ya nema ɗaya ya ƙi, domin a nan mai nema yana jin an wulaƙanta shi, wanda aka nema yana jin an matsa masa, kowace kalma takan fito da kaifi. A bari sai wani lokaci da zuciya take kwance, bayan an ci abinci, jariri ya yi barci, ƙofa a rufe, babu kishiya ko ƙanwa kusa. Wanda ya ji ba zai iya haɗa ido ba, ya rage fitila, ko su zauna gefe da gefe. Wasu sun fi iya farawa da saƙon murya ta waya. Babu laifi a buɗe ƙofa da shi, amma a taƙaita, a goge bayan an saurara, domin waya tana faɗawa hannun yara da baƙi.

Abu na biyu shi ne wanda zai fara. Ina ganin nauyin ya fi hawa kan miji, saboda shi ne shugaban gida, kuma tarbiyyarmu ta fi ɗaure bakin mace. Ya fara da tambaya, kada ya fara da tuhuma. Dubi bambancin waɗannan biyu. Wani ya ce: "Ke tun da kika haihu kin daina kula ni." Wannan hukunci ne ya yanke, abin da ya rage mata shi ne kare kai ko shiru. Wani kuma ya ce: "Na ga kamar jikinki bai gama komawa daidai ba. Akwai abin da yake miki ciwo idan na kusance ki? Faɗa mini, ba zan yi fushi ba." Wannan ya buɗe mata hanya. Sannan ya yi shiru ya jira. Mace da aka rene ta a kan kawaici ba za ta amsa nan take ba, wataƙila ta ce babu komai, wataƙila ta yi kuka. Kada ya cike shirun da wa'azi. Idan ba ta faɗa yau ba, ya sake tambaya bayan kwana biyu. Idan kuma ta faɗa, ya cika alkawarin rashin fushi, domin idan ya karya shi sau ɗaya ya rufe bakinta shekara goma.

Ke kuma ƴar'uwata, idan maigidanki bai tambaya ba, kada ki jira. Kada ki fake da ciwon kai na ƙarya, domin ƙarya tana haifar da zato, zato kuma ya fi gaskiya muni. Haɗa abu uku a maganarki: ki tabbatar masa ba gudunsa kike yi ba, ki faɗi dalili, ki kawo mafita. Kamar ki ce: "Maigida, wallahi ba ƙin ka nake yi ba. Wurin ɗinkin nan ne yake mini zafi. Ka taimaka ka kai ni a duba ni." Namiji abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin an ƙi shi, idan kin cire masa wannan ƙaya, sauran mai sauƙi ne. Ba sai an yi amfani da kalmomin batsa ba. Alƙur'ani da kansa ya yi maganar wannan al'amari da kinaya, kamar shafa da kusanta da tufa, kuma ma'ana ta fito sarai. Harshenmu ma yana da shimfiɗa da kwanciya da kusanta da buƙata. Su wadatar, muddin ɗayan ya gane ainihin abin da ake nufi.

Abu na uku, kada a tashi sai an tsai da wani abu. Haƙurin da ba a san ƙarshensa ba yana da wuya ga namiji mai jini a jika, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata mata su ji. Don haka a sa rana: ranar kaza za mu je asibiti, bayan mako biyu mu sake magana. A tsakani kuma kada a raba shimfiɗa. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yakan umurce ta ta ɗaura gyauto tana haila, sannan ya rungume ta. Ashe ko a lokacin da saduwa ta haramta, kusanci da wasa da tausasawa ba su haramta ba. Yawancin mazan da suke kuka da ƙaurar shimfiɗa, abin da suka rasa ya haɗa da wannan, kuma yawancin matan da suke gudun hannun miji suna gudu ne don sun san duk taɓawa sai ta kai ga abin da yake musu ciwo. Idan ya yi mata alkawarin tsayawa inda ta ce a tsaya, tsoro zai ragu.

Mu koma ga telan nan. Na ce masa ya je biko da kansa, ya nemi a bar su su biyu a zaure, ya fara da neman gafara a kan wayar da ya kunna mata. Ya yi. Washegari ya kai ta asibitin unguwarsu, ungozoma ta duba ta, ta ce ɗinkin ya haɗe amma wurin bai gama laushi ba, kuma abin da ta matsa ya jawo mata kumburi. Aka ba ta magani, aka hana ta sake cusa komai, aka ce su dakata mako uku, aka nuna musu wani man shafawa na ruwa da ake sayarwa a kantin magani don bushewar. Aka kuma yi musu bayanin hanyoyin tazara, suka koma gida suka yi shawara, suka zaɓi wadda ta dace da mai shayarwa. Ba zan ce muku komai ya gyaru a dare ɗaya ba. Ya ce mini sun ƙara kusan wata biyu kafin tsoron ya bar ta, kuma akwai daren da ya fita tsakar gida ya yi alwala don ya danne ransa. Amma cefane ya koma jikka biyu, kuma yau suna nan tare. Abin da duk ya ci musu bai kai kuɗin da aka kashe wajen zirga-zirgar biko ba.

Ku kiyaye kuma, akwai alamun da ba a jira da su. Idan mai jego tana zazzaɓi, ko wani ruwa mai wari yana fita, ko jini ya dawo da yawa, ko fitsari ko bayan gida yana zubo mata ba da saninta ba, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Yoyon fitsari yana da magani, akwai cibiyar da take aikinsa a Danja kusa da Maradi, da wasu a manyan garuruwanmu. Haka wadda ta shiga baƙin ciki mai tsawo bayan haihuwa, ba ta ci, ba ta barci, ba ta jin daɗin komai har ɗanta, wannan ma rashin lafiya ne da likita ya sani. A yi mata addu'a, a kuma kai ta.

Na san wani zai ce: Malam, ka buɗe wa mata ƙofa, gobe kowace ta ce tana ciwo. Amsata ita ce, wadda ta ƙirƙiri uzurin ƙarya Allah yana ganinta, kuma hadisin da muka ambata yana kanta. Amma magana ita ce take tona ƙarya, shiru kuwa yana rufe ta. Mai ciwon gaskiya za ta yi murna idan aka ce a je asibiti. Wadda ta ƙi faɗin dalili, ta ƙi magani, wata da watanni, to akwai wani abu dabam a zuciyarta, kuma shi ma sai da magana za a gano shi. Tilastawa da duka da yanke cefane ba su taɓa sa mace ta so shimfiɗar mijinta ba. Ciyarwa wajibi ce a kanka, ba a horon mai jego da yunwa.

Kuma kada maza su ɗauka haƙƙin nasu ne su kaɗai. Suratul Baƙara, aya ta 228, ta tabbatar wa mata haƙƙi kwatankwacin wanda yake kansu. Ku tuna Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa ba kwalliya, ta shaida masa mijinta ba ruwansa da duniya. Salmanu ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwar dare sai ƙarshensa, ya tuna masa iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Har wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, Alƙur'ani ya yanka masa wata huɗu, ko ya koma ko ya sake ta. Akwai mazan da suke ƙaurace wa mai goyo shekara biyu cur da sunan al'ada, suna tarewa ɗakin amarya, ita kuma kunya ta hana ta cewa tana da buƙata. Akwai kuma wanda ciwon suga ko hawan jini ya rage masa ƙarfi, ya ɓoye, ya koma kwana a shago, matarsa tana zaton ya daina son ta. Duk abin da na faɗa wa mata na faɗa masa: ka gaya mata gaskiya, ka je wurin likita, ka bar sayen ƙwayoyin bakin tasha da ba ka san abin da ke cikinsu ba. Ke kuma idan ya faɗa miki, kada ki taɓa yi masa gori da shi, ko a cikin faɗa.

Abu na ƙarshe shi ne sirri. Wannan magana tsakanin mutum biyu take. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda yake keɓewa da matarsa sannan ya fita yana yaɗa sirrinta. Kada ka kai ta majalisar shayi, kada ki kai ta gidan biki ko dandalin ƙawaye na waya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan kun gwada ku biyu abin ya faskara, shari'a ta yarda a kai ga wanda zai iya gyarawa, gwargwadon buƙata: ungozoma ko likita don jiki, malami amintacce don hukunci, ko dattijo ɗaya daga danginsa da ɗaya daga danginta, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara a aya ta 35. Mace ta nemi mace ƴar'uwarta mai ilimi da riƙon amana. Ku kuma iyaye mata, ranar da za ku maido ƴarku bayan arba'in, ku tambaye ta lafiyar jikinta, ku ce mata faɗa wa miji gaskiya ba abin kunya ba ne. Ku iyaye maza da waliyyai, ku ja angon gefe ku sanar da shi abin da muka faɗa a nan, tun kafin ya koya ta hanyar yaji.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman gafararsa. Wanda yake da tambaya ta hukunci ya same ni bayan sallar asuba. Mata kuma su bi ta hannun malamarsu ta makarantar dare. Allah ya sanya natsuwa da ƙauna da jinƙai a gidajenmu, ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da aka haifa a kan Musulunci, ya ba mu ikon faɗa wa juna gaskiya da tausasawa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.